Tambayoyi da Amsoshi Kan Ma'aunin Logaridim da Karanta Saurin Ƙaruwa Daga Miƙaƙƙen Layi

Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda ɗalibai, 'yan jarida da ma'aikatan da ke hulɗa da alƙaluma suka fi maimaitawa a duk lokacin da suka ci karo da giraf mai ɗauke da 1, 10, 100 da 1,000 a jere a gefensa. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma misalin da za a fi komawa gare shi shi ne na ƙidayar jama'ar Nijeriya, domin alƙalumansa sanannu ne kuma kowa zai iya maimaita lissafin da kalkuleta.

1. Mene ne ma'aunin logaridim, kuma me ya raba shi da ma'aunin da aka saba gani?

A giraf ɗin da aka saba, kowane taku a kan layin tsaye yana nufin an ƙara adadi iri ɗaya. Idan santimita ɗaya ta ɗauke ka daga 0 zuwa 10, ta gaba za ta kai ka 20, mai bi mata kuma 30. A ma'aunin logaridim kuwa, kowane taku yana nufin an ninka adadin ne sau iri ɗaya. Idan santimita ɗaya ta ɗauke ka daga 1 zuwa 10, ta gaba za ta kai ka 100, mai bi mata 1,000. Tazarar da ke tsakanin lamba da ninkinta goma, kamar daga 10 zuwa 100, ita za mu riƙa kira zango a duk amsoshin da ke tafe.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, tazara a kan wannan ma'auni tana auna ninki ne, ba bambanci ba. Nisan da ke tsakanin 2 da 4 daidai yake da wanda ke tsakanin 50 da 100, daidai kuma da wanda ke tsakanin miliyan 70 da miliyan 140, saboda a duk ukun an ninka sau biyu. Duk sauran bayanan wannan shafi daga wannan ƙa'ida suka fito.

2. Shin dole ne in iya lissafin logaridim kafin in karanta irin wannan giraf?

Ba dole ba ne, amma sanin ma'anarsa yana sauƙaƙa aiki ƙwarai. Logaridim na lamba, a tushen 10, amsa ce ga tambaya guda: goma nawa za a jera ana bugawa kafin a sami wannan lamba? Ga 100 amsar 2 ce, domin 10 sau 10 ne, ga 1,000 kuma 3 ce. Lambobin da ke tsakani suna da amsa mai ɗigo, misali logaridim na 2 shi ne 0.301, na 5 kuma 0.699. A kan giraf, wannan amsa ita ce tsayin da lambar take zaune a kai, idan an auna da zango.

John Napier, ɗan ƙasar Sikotilan, shi ya fara wallafa logaridim a 1614, sannan Henry Briggs ya tsara na tushen 10 bayan 'yan shekaru. Manufarsu ita ce sauƙaƙa wa masu lissafi aiki ta hanyar mai da bugawa ta koma tarawa, kuma wannan siffa ce dai take aiki a giraf: ninkawa ta koma ƙarin tsayi. Waɗanda suka yi sakandare a zamanin littafin jadawalin lambobi huɗu sun yi amfani da ita ba sau ɗaya ba. Yau maɓallin `log` na kalkuleta ya wadatar.

3. Me ya sa ƙananan layukan cikin zango ba su da tazara ɗaya, kuma yaya ake karanta lambar da ta faɗa tsakaninsu?

Ƙananan layukan da ke tsakanin 1 da 10 suna wakiltar 2, 3, 4 har zuwa 9, kuma kowanne yana zaune ne a tsayin logaridim ɗinsa. A ce tsayin zango santimita 10 ne. Lamba 2 za ta zauna a santimita 3.0 daga ƙasa, 3 a 4.8, 4 a 6.0, 5 a 7.0, 6 a 7.8, 7 a 8.5, 8 a 9.0, 9 kuma a 9.5. Shi ya sa layukan suke da fili a ƙasa, sannan su yi ta matsewa yayin da suke kusantar saman zangon. Dalilin a fili yake: tashi daga 1 zuwa 2 ƙarin kashi ɗari ne cikin ɗari, amma tashi daga 9 zuwa 10 ƙarin kashi 11 ne kacal, saboda haka rabonsa na tsayi kaɗan ne. Da an shiga zango na gaba, tsarin zai sake maimaita kansa da 20, 30, 40.

Kuskuren da sabon mai karatu ya fi yi shi ne ɗaukar tsakiyar zango a matsayin 5 ko 5.5. Ainihin abin da ke tsakiya shi ne 3.16, wato lambar da idan aka buga ta da kanta za ta ba da 10. Don haka ɗigon da ya tsaya tsakiyar 100 da 1,000 yana nufin kimanin 316, ba 550 ba, kuma wanda ya karanta 550 ya ƙara kusan kashi 74 cikin ɗari a kan gaskiya. Idan giraf ba shi da ƙananan layuka, ya isa a riƙe alamomi uku: 2 yana kusa da sulusin zango, 3 yana dab da rabi, 5 kuma yana kan kashi bakwai cikin goma.

4. Ina sifili yake? Na duba ƙasan giraf ban gan shi ba.

Ba shi da wuri, kuma ba mantuwa aka yi ba. Sauka zango ɗaya yana nufin rabawa da 10, don haka daga 1 sai 0.1, sai 0.01, sai 0.001, kuma ko sau nawa aka raba ba za a taɓa isa sifili ba. Lambobin da ke ƙasa da sifili, irin su asara ko giɓi, su ma ba su da mazauni.

Wannan yana da tasiri biyu a aikace. Na farko, idan bayananka suna da ranar da aka sami sifili, manhaja za ta tsallake ɗigon ko ta yi gargaɗi, kuma ya kamata ka rubuta a ƙasan giraf cewa an cire shi. Wasu sukan ƙara 1 a kan kowace lamba don kauce wa matsalar, amma hakan yana lanƙwasa ƙasan layin, yana ɓata lissafin da za a yi bayani a tambaya ta 6. Na biyu, bai dace a zana giraf mai ginshiƙai a kan wannan ma'auni ba, domin tsawon ginshiƙi ya dogara ne ga inda mai zane ya ga damar farawa, ko 1 ko 0.01, kuma ido zai kwatanta tsawon da ba shi da wata ma'ana. Ɗigo da layi su suka dace.

5. Me ya sa abu mai ƙaruwa da kaso iri ɗaya yake fitowa a miƙaƙƙen layi?

A nan ana maganar giraf ne wanda layinsa na kwance yake ɗauke da lokaci a ma'aunin da aka saba, na tsaye kuma yake a ma'aunin logaridim. A ɗauki kayan da farashinsu naira 1,000 ne, yana tashi da kashi 20 cikin ɗari kowace shekara. Zai zama 1,200, sai 1,440, sai 1,728, sai kimanin 2,074. Ƙarin da ake samu a naira yana girma kowace shekara, daga 200 zuwa 240 zuwa 288 zuwa 346, shi ya sa a giraf ɗin da aka saba layin yake lanƙwasawa sama. Amma a kowace shekara an buga ne da lamba guda, wato 1.2, kuma logaridim na 1.2 shi ne 0.079. Saboda haka a ma'aunin logaridim kowace shekara layin yana hawa da 0.079 na zango, ba ƙari ba ragi. Taku ɗaya gaba, hawa iri ɗaya sama, wannan shi ne miƙaƙƙen layi.

Idan aka juya maganar, sai a sami abin da ya sa ake amfani da wannan ma'auni. Idon ɗan'adam ba ya iya bambance lanƙwasa iri-iri, amma yana gane miƙaƙƙen layi nan take, balle idan an ɗora rula. Duk inda ɗigogi suka jeru a miƙe, kason ƙaruwa bai canza ba a tsawon wannan lokaci, kuma tsananin hawan layin shi ne yake gaya maka ko kaso nawa ne.

6. To, yaya ake fitar da kason ƙaruwa daga layin, mataki-mataki?

A zaɓi wurare biyu a kan layin masu nisa da juna, a karanta adadin kowanne da lokacinsa, sannan a bi wannan tsari:

```
m = (log y2 - log y1) / (t2 - t1)
r = 10^m - 1
```

A nan `y1` da `y2` su ne adadin wuraren biyu, `t1` da `t2` lokutansu, `10^m` kuma lambar da logaridim ɗinta `m` ne. `m` shi ne hawan layin, wato zango nawa yake hawa a shekara ɗaya, `r` kuma shi ne ƙaruwar shekara, wadda idan aka buga ta da 100 za ta ba da kaso cikin ɗari.

Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a watan Nuwamba 1991 ta ba da mutum miliyan 89.0, wadda aka yi a watan Maris 2006 kuma ta ba da miliyan 140.4. Logaridim na 89.0 shi ne 1.949, na 140.4 kuma 2.147, bambancinsu 0.198. A takarda mai zangon santimita 10, wannan yana nufin ɗigo na biyu ya ɗara na farko tsayi da santimita biyu saura kaɗan. Sai lokaci: daga Nuwamba 1991 zuwa Maris 2006 shekara 14 ne da wata huɗu, wato 14.3. Idan aka raba 0.198 da 14.3 za a sami 0.0138. A ƙarshe, `10^0.0138` ya ba da 1.032, kuma cire 1 ya bar 0.032, wato ƙaruwar kashi 3.2 cikin ɗari a shekara, wanda shi ne adadin da hukumar ƙidaya ta bayyana. A lura da cewa wanda ya cire 1991 daga 2006 kawai ya raba da 15 zai sami kashi 3.1. Bambancin yana iya zama kamar ba komai ba, amma ya nuna cewa auna layin kwance yana buƙatar kulawa daidai da auna na tsaye.

7. Akwai hanyar da ta fi wannan sauri idan babu kalkuleta a hannu?

Akwai, kuma ita ce neman lokacin ninkawa biyu. A nemi inda layin ya ratsa wata lamba mai sauƙi, a ce 100, sannan a nemi inda ya ratsa 200, a duba tazarar lokacin da ke tsakani. Daga nan sai a raba 70 da wannan lokaci, amsar ita ce kimanin kason ƙaruwa. Idan abu yana ninkawa biyu cikin shekara 14, ƙaruwarsa wajen kashi 5 ce a shekara. Ana iya bi ta baya ma: a misalin tambaya ta 6, raba 70 da 3.2 ya ba da kusan shekara 22, kuma cikakken lissafi, wato raba 0.301 da 0.0138, ya ba da 21.8.

Wannan ƙa'ida ta 70 tana aiki ne idan kason ƙarami ne. A kashi 10 tana ba da shekara 7, alhali ainihin amsar 7.3 ce, wanda ba laifi. A kashi 50 kuwa tana ba da 1.4 maimakon 1.7, a kashi 100 kuma tana ba da 0.7 alhali kowa ya san amsar 1 ce. Idan layin yana hawa da ƙarfi, ya fi kyau a auna lokacin da yake ɗauka ya haye zango guda cikakke. A ce adadin masu wata cuta ya tashi daga 200 zuwa 2,000 cikin kwana 12. Hawan layin 1 a raba da 12 ne, wato 0.083, ƙaruwar rana kuma `10^0.083 - 1`, kimanin kashi 21 cikin ɗari. Lokacin ninkawa biyu kullum kashi uku cikin goma ne na lokacin haye zango, don haka a nan kwana 3.6 ne.

8. Zan iya auna kusurwar layin kawai in san saurin ƙaruwa?

A'a. Kusurwar da ido yake gani ta dogara ne ga yadda aka miƙe ko aka matse giraf ɗin. Alƙaluma iri ɗaya za su ba da layi mai tsananin hawa idan aka ba zango santimita 10 aka matse shekaru, su kuma ba da layi kusan kwance idan aka ba zango santimita 2 aka baje shekaru. Abin da ake aunawa shi ne hawan layin a raba da tsayin zango na wannan giraf ɗin. Idan layi ya hau santimita 3 a takarda mai zangon santimita 6, ya hau rabin zango ke nan, wato ya ninka sau 3.16. Kwatanta kusurwa yana halatta ne kawai tsakanin layukan da ke cikin giraf guda, kamar yadda tambaya ta 9 ta nuna.

9. Me ake fahimta idan layuka biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ko ɗaya ya fi ɗaya hawa?

Idan tazarar da ke tsakanin layuka biyu ba ta canzawa, kason ƙaruwarsu ɗaya ne, ko da ɗaya yana can sama ɗaya yana ƙasa. Tazarar kanta ninki ce: zango guda yana nufin na sama ya ninka na ƙasa sau goma, kashi uku cikin goma na zango kuma sau biyu. Matsayin layi yana nuna girma, hawansa yana nuna sauri, kuma bai kamata a gwama su ba.

Nijar ta ƙirga mutum miliyan 11.06 a tsakiyar 2001, sannan miliyan 17.14 a watan Disamba 2012. Bambancin logaridim ɗinsu 0.190 ne, cikin kimanin shekara 11.5, wanda ya ba da hawan 0.0165 da ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, da lokacin ninkawa biyu na kimanin shekara 18. Idan aka zana ƙasashen biyu a giraf ɗin da aka saba, Nijeriya ce za ta cika ido, domin ta ƙara mutum sama da miliyan 51 tsakanin ƙidayoyinta, layin Nijar kuma zai kwanta a ƙasa kamar ba ya motsi da ƙarin miliyan 6 kacal. A ma'aunin logaridim, layin Nijar yana ƙasa da kusan zango guda, amma ya fi na Nijeriya tsananin hawa. Kowane giraf yana amsa tambayarsa ne. Mai son sanin makarantu nawa za a ƙara ginawa a bana ya dubi na farko, mai son sanin wace ƙasa ce za ta riga ninka jama'arta ya dubi na biyu.

10. Layin ya fara lanƙwasawa yana kwantawa. Shin adadin raguwa yake yi?

Muddin layin yana hawa, ko da a hankali ne, adadin ƙaruwa yake yi. Abin da ya ragu shi ne kason ƙaruwar. Misali mai sauƙi shi ne abin da ake ƙara wa 100 kowace shekara: 100, 200, 300, 400. A giraf ɗin da aka saba wannan miƙaƙƙen layi ne, amma a ma'aunin logaridim hawansa 0.301 ne a shekarar farko, 0.176 a ta biyu, 0.125 a ta uku, saboda ƙarin 100 ɗin ya tashi daga kashi 100 zuwa 50 zuwa 33 cikin ɗari. Layin zai yi ta kwantawa alhali ba a rage komai daga ƙarin shekara ba.

Wannan ruɗani ya yawaita a 2020, lokacin da jaridu suka riƙa buga jimillar masu cutar korona a wannan ma'auni. Jimilla ba ta taɓa sauka, kuma idan ta kai dubu ɗari, ƙarin mutum dubu biyu a rana kashi 2 ne kawai cikin ɗari, wanda da ƙyar ido zai ga ya ɗaga layin. Mutane da dama sun ga layi ya kwanta sun ɗauka an wuce wurin, alhali asibitoci cike suke. Wanda yake son sanin ko annoba tana ja da baya ya zana sababbin masu kamuwa na kowace rana ko kowane mako, domin wannan layin ne yake iya juyowa ƙasa.

11. Idan layin gangarowa yake yi a miƙe fa?

Lissafin tambaya ta 6 bai canza ba, illa dai `m` zai zo ƙasa da sifili. A ce yawan wani magani a jini yana sauka da 0.05 na zango kowace awa. Sai `10^-0.05` ya ba da 0.891, wato raguwar kusan kashi 11 cikin ɗari a awa, kuma raba 0.301 da 0.05 ya nuna cewa rabinsa yana fita cikin awa 6. Haka masana magunguna suke gano lokacin raguwa zuwa rabi.

Akwai abin da ya cancanci lura a nan. Tashin kashi 50 cikin ɗari hawan 0.176 ne, amma faɗuwar kashi 50 saukar 0.301 ce. Wannan ba aibin ma'aunin ba ne, gaskiya yake faɗa, domin abin da ya faɗi da rabi sai ya ninka biyu kafin ya koma inda yake.

12. Na sa manhaja ta fitar mini da lissafin layin, sai ta ba ni lambar da ta saɓa da tawa. Wa ya yi kuskure?

Yawanci babu wanda ya yi, tushen logaridim ɗin ne ya bambanta. A Excel, idan aka zaɓi `Logarithmic scale` a ƙarƙashin `Format Axis`, layin tsaye zai koma zango-zango na 10. Amma idan aka ƙara `Trendline` irin `Exponential`, lissafin da zai bayyana yana amfani ne da lambar `e`, wadda ƙimarta kimanin 2.718 ce:

```
y = a * e^(b*x)
r = e^b - 1
b = 2.303 * m
```

A misalin Nijeriya, `m` 0.0138 ne, don haka `b` zai zama 0.0318, kuma `e^0.0318` ya ba da 1.032 ɗin da aka samu tun farko. Amfanin `b` shi ne, idan ƙarami ne, kusan shi ne kason kai tsaye, 0.0318 ya yi kusa da kashi 3.2. Haɗarin kuma shi ne a yi wa `m` irin wannan karatu, a ce ƙaruwar kashi 1.4 ce, wanda bai kai rabin gaskiya ba. Kafin a fassara kowace lamba, a tabbatar ko da `log` aka same ta ko da `ln`, wato logaridim na tushen `e`. A kuma guji zaɓar `Trendline` irin `Logarithmic` saboda kamannin suna, domin wannan wata lanƙwasa ce daban wadda ba ta da alaƙa da ƙaruwa da kaso ɗaya. Masu aiki da Python kuwa, idan da `matplotlib` suke zana giraf, layi ɗaya ya ishe su:

```
plt.yscale("log")
```

13. Yaya zan tabbatar cewa layin miƙaƙƙe ne da gaske, ba idona ne ya yaudare ni ba?

Abu na farko, ɗigo biyu ba sa tabbatar da komai, domin kowane ɗigo biyu rula za ta haɗa su. Kashi 3.2 na tambaya ta 6 matsakaici ne na tsakanin ƙidayoyi biyu, bai nuna cewa kowace shekara haka ta kasance ba. Idan aka ƙara ɗigo na uku, wato ƙidayar Nuwamba 1963 mai mutum miliyan 55.7, sai a ga abin mamaki: daga 1963 zuwa 1991 hawan 0.204 ne cikin shekara 28, wanda ya ba da kashi 1.7 kacal a shekara. Layin ya karye a 1991, daga 1.7 ya koma 3.2. Irin wannan karaya tana da fassara biyu, ko dai ƙaruwar ce ta canza da gaske, ko kuma ɗaya daga cikin ɗigogin ba a inda ya kamata yake ba. An daɗe ana jayayya kan ƙidayar 1963, kuma masana da yawa suna ganin an kumbura alƙalumanta, kamar yadda wasu suke ganin an rage a ta 1991. Giraf ba zai yanke hukunci kan wanne ne daidai ba, amma ya nuna ainihin wurin da ya kamata a bincika.

Abu na biyu, wannan ma'auni yana ɓoye kauce-kauce. A giraf mai zangon santimita 5, ɗigon da ya kauce wa layi da milimita 2 ya kauce ne da kusan kashi 10 cikin ɗari. Ko a takarda mai zangon santimita 10, kuskuren milimita ɗaya wajen auna santimita biyun misalinmu zai mai da amsar 3.1 ko 3.4. Saboda haka wanda ya karanta da rula bai kamata ya rubuta amsa mai lambobi uku bayan ɗigo ba. Abu na uku, idan duk bayanan ba su kai ninki biyu ba daga farko zuwa ƙarshe, kusan kowace irin ƙaruwa za ta yi kama da miƙaƙƙen layi. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a raba kowace lamba da wadda ta gabace ta, a ga ko amsoshin suna tsaye wuri guda ko suna zamewa gefe ɗaya.

14. Zan iya tsawaita layin don hasashen gaba?

Za ka iya, na ɗan gajeren lokaci, tare da faɗin sharaɗin cewa kason bai canza ba. Idan aka ja layin kashi 3.2 daga 2006 zuwa 2024, zai kai kimanin miliyan 249, alhali ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na wannan shekara wajen miliyan 230 ne. A takarda mai zangon santimita 10 wannan giɓi bai kai milimita huɗu ba, amma mutum kusan miliyan 20 ne. Idan aka ci gaba da jan layin shekara 72 daga 2006, zai haye zango guda cur ya kai biliyan 1.4, kusan yawan mutanen Indiya a yau. Babu abin da ke ƙaruwa da kaso ɗaya har abada. Ƙwayoyin cuta a kwalbar gwaji suna ba da miƙaƙƙen layi na wasu awanni, sannan layin ya kwanta idan abincinsu ya ƙare, haka kuma yawan haihuwa yana sauyawa da sauyin rayuwar jama'a.

15. Na ga giraf wanda layukansa biyu, na tsaye da na kwance, duk a ma'aunin logaridim suke. Karatunsa ɗaya ne da wannan?

Ba ɗaya ba ne, kuma duba lambobin layin kwance shi ne abin da ya kamata a fara yi. Idan su ma 1, 10, 100 suke tafiya, miƙaƙƙen layi ba ya nufin ƙaruwa da kaso ɗaya a shekara. Yana nufin duk lokacin da abin da ke kwance ya ninka sau goma, na tsaye yana hawa zango iri ɗaya, wato dangantaka mai siffar `y = a * x^k`, inda `k` shi ne hawan layin, zango a kan zango. Filin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne misali ne mai sauƙi: idan gefensa ya ninka sau goma, girmansa zai ninka sau ɗari, don haka `k` 2 ne.

Duniyoyin da ke zagaya rana sun fi nuna amfanin abin. Nisan Mushtari daga rana ya ninka na duniyarmu sau 5.2, kuma tana ɗaukar shekara 11.86 kafin ta gama zagaye ɗaya. Logaridim na 11.86 shi ne 1.074, na 5.2 kuma 0.716, kuma raba na farko da na biyu ya ba da 1.5. Sauran duniyoyin duk suna faɗawa kan wannan layi guda, wanda shi ne ƙa'ida ta uku ta Johannes Kepler da ya wallafa a 1619. Wanda ya ɗauki wannan 1.5 ya saka a lissafin tambaya ta 6 zai sami lambar da ba ta nufin komai, domin wancan lissafi yana buƙatar layin kwance ya kasance lokaci mai tafiya da taku iri ɗaya.